Gurbin ƙarshe: tilo ne ko jam'i a wasan kalmomi masu gittawa?

Duk wanda ya daɗe yana buga wasan nan na cike gurabe da kalmomi masu gitta wa juna, ko a bayan jarida ko a waya, ya san wannan takaicin. Ka cike ko'ina, babu gurbi ko ɗaya da ya rage, amma wayar ta ce maka akwai kuskure. Ka bi kalmomin kwance ɗaya bayan ɗaya, duk kalmomi ne na gaske. Ka bi na tsaye, su ma haka. Ni dai a nawa bugun, idan na gano ɓarnar daga baya, mafi yawan lokuta a wutsiyar kalma nake samunta, a gurbin da na jefa harafin S tun da farko saboda na ga tambayar jam'i ce.

Wasan da Ingilishi aka haife shi. Arthur Wynne ne ya fitar da na farko a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913, kuma dokokin da ake bi yau a Amurka da Birtaniya suka nuna. Don haka misalan farko na Ingilishi ne, yadda ake rubuta su a gurabe, da manyan haruffa. Daga baya zan juyo kan Hausa, domin a nan matsalar ta fi zurfi.

Dokar da komai ya rataya a kanta

Tambaya da amsa dole su dace a nahawu. In tambaya tilo ce, amsa tilo ce. In jam'i ce, jam'i. In aikatau ne na shuɗaɗɗen lokaci, amsar ma haka. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: ka sa tambayar cikin jimla, ka cire ta, ka maye gurbinta da amsar da kake zato. In jimlar ta tsaya daram ba tare da ka gyara komai ba, sigar ta dace. In sai ka ƙara ko ka rage wani abu, to ko da ma'anar ta yi daidai, sigar ba ita ba ce.

Daga wannan doka aka samo shawarar da ake ba kowane sabon shiga: in ka ga tambayar jam'i, sa S a gurbin ƙarshe tun kafin ka san amsar. Shawarar ba ta banza ba ce. Yawancin jam'in Ingilishi da S yake ƙarewa, kuma harafi ɗaya tak yakan buɗe maka kalmar da ta gitta. Masu tsara wasan su ma suna son S, domin tana tsawaita kalma da gurbi ɗaya a arha, shi ya sa sau da yawa za ka same ta a kusurwar ƙasa ta dama, inda kalmar kwance da ta tsaye suke ƙarewa tare. Illar shawarar ita ce, abin da ka rubuta da zato, bayan minti biyar ka manta zato ne, ka fara gini a kansa kamar tabbas.

Kafin a kai ga haruffan da suka gitta, akwai alƙali na farko da ba ya karɓar roƙo: yawan gurabe. Jam'in kalmar CACTUS yana iya zama CACTI ko CACTUSES, amma ɗaya gurabe 5 ne, ɗaya 8, don haka babu gardama. Rigimar tana tasowa ne kawai inda sigogi biyu suke da tsawo ɗaya. Irin waɗannan ba su da yawa, kuma mai tsara wasa ya san su sarai. Akwai kalmomin da aka aro daga Latinanci masu jam'i biyu, irin NOVAS da NOVAE, AURAS da AURAE, LARVAS da LARVAE. Akwai INDEXES da INDICES, dukansu gurabe 7, sun sha bamban a na huɗu da na biyar.

Misali ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe

Ga wata kusurwa da na tsara don wannan bayani. Kalmar kwance tana da gurabe 5, tambayarta kuwa "Exploding stars", wato taurarin da ke fashewa da haske. Haruffa huɗu na farko sun fito daga kalmomin tsaye da ka riga ka tabbatar. Gurbi na biyar shi ne farkon wata kalmar tsaye, ita ma mai gurabe 5, wadda sauran haruffanta huɗu suka fito daga kalmomin kwance na ƙasa:

```
N O V A _
        L
        O
        P
        E
```

Mai gaggawa ya ga jam'i, ya sa S. Ya sami NOVAS, daidai ne a ƙamus. Ya leƙa ƙasa ya ga SLOPE, wato gangara, ita ma kalma ce da kowa ya sani. Ido ya gamsu, ya wuce. Abin da bai yi ba shi ne komawa ya karanta tambayar kalmar tsaye, domin ta cika da kanta ba tare da ya taɓa ta ba. Tambayar kuwa cewa take "Run off to wed", wato saurayi da budurwa su gudu su ɗaura aure a ɓoye. Wannan ELOPE ce. Gurbin na E ne, kalmar kwance kuma NOVAE.

A lura da inda kuskuren ya shiga. Mai wasan ya san kalmar, ya san jam'i ake nema, kuma amsarsa ta halatta a ƙamus. Abin da ya ɓace masa shi ne gurbin ƙarshe mallakar kalmomi biyu ne, kuma kowacce tana da tambayarta. Tambayar kwance ta yarda da S ta yarda da E, ba ta da abin cewa. Hukuncin gaba ɗaya yana hannun tambayar tsaye. Ganin cewa kalmar da ta gitta "kalma ce" ba hujja ba ce, tunda SLOPE da ELOPE, SLATE da ELATE, SIGHT da EIGHT, SAT da EAT duk kalmomi ne. Hujja ita ce ta amsa tambayarta.

Abin da nake yi yanzu shi ne in rubuta saiwar kalma in bar wutsiyar. NOVA na tabbata, sai in bar gurbi na biyar fayau, ko in rubuta S da E ƙanana a gefensa da fensir. Gurbin da aka bari fayau yana kiran mutum ya dawo. Wanda aka cike da zato shiru yake yi.

Inda S take ɓuya, da inda babu ita sam

Jam'in da ba ya bin ƙa'ida kowa ya koye shi a firamare: MEN, MICE, GEESE, FEET, OXEN. Waɗannan ba sa wahalar da mutum da daɗewa, domin da zarar harafi ɗaya ya gitta za ka ga S ba ta da wurin zama. Sai irin SHEEP da DEER da tilonsu da jam'insu ɗaya ne.

Wanda ya fi cin mutane shi ne aikatau mai jela. Tambaya ta ce "Quits", gurabe 7. S ɗin da ke nan ta aikatau ce, ta "yana yi" ko "tana yi". Amsa tana iya zama RESIGNS, S a ƙarshe lafiya lau. Tana kuma iya zama GIVESUP, domin a wasan Amurka ana haɗe kalmomi ba tazara, kuma ba a gaya maka cewa amsar kalmomi biyu ce. A nan S tana gurbi na biyar, ƙarshen kuwa P ne. Don haka in kalmar da ta gitta gurbin ƙarshe ta nace tana son P, ko N, ko T, ko F, kar ka yi faɗa da ita. Wataƙila amsar tana ƙarewa da UP, ON, IN, OUT ko OFF, S ɗinka kuma tana can ciki. Haka abin yake ga ED na shuɗaɗɗen lokaci da ING.

Akwai kuma kalmomin da suke fuska biyu. "Leaves" tana iya nufin yana tafiya, tana iya nufin ganyaye, tana iya nufin shafukan littafi. A gurabe 7, DEPARTS ta shiga, FOLIAGE ma ta shiga, alhali ta biyun suna ne na tarin ganye wanda ba ya ɗaukar S. A gurabe 3, in an ɗan ƙara mata wani abu game da kofi ko buta, amsar TEA ce, ganyen shayi. A jaridar New York Times, wadda ta fara buga wasan a 1942, na Litinin ne mafi sauƙi, ana ta tsanantawa har Asabar. Irin wannan tambaya mai fuska biyu ta ƙarshen mako ce, kuma da gangan ake yin ta. Kalmar da ta zo ranar Litinin da ma'anarta ta fili, ranar Asabar a yi mata kallon tuhuma.

Ƙananan kalmomi biyu ma suna yanke hukunci, "and" da "or". In tambaya ta ce "Kano or Lagos", tilo ake nema: CITY in gurabe 4 ne, STATE in 5 ne. In ta ce "Kano and Lagos", jam'i ne, kuma a nan abin ya yi daɗi, domin CITIES da STATES duk gurabe 6 ne, kuma Kano da Legas kowanne birni ne kuma jiha ce. Abin da za ka iya rubutawa da biro shi ne ES na ƙarshe kawai. Sauran huɗun sai harafi ɗaya ya gitta, kuma kowanne ya isa, tunda babu gurbin da suka yi tarayya a cikin huɗun.

Aikatau da ba ya nuna lokacinsa

Wannan ne ɓangaren da na fi jin daɗinsa, kuma shi ne masu tsarawa suka fi so. Ingilishi yana da wasu aikatau da sigarsu ba ta canzawa tsakanin yanzu da dā: put, set, cut, hit, let, cast, read a rubuce. In mai tsarawa ya fara tambaya da ɗaya daga cikinsu, ya bi doka sarai, amma ya ɓoye maka lokacin.

Ɗauki "Cast", gurabe 5, ma'anar jifa. THROW ta dace, THREW ta dace. Bambancin harafi ɗaya ne, kuma a gurbi na huɗu yake, cikin kalma. Wanda ya saba tsaron wutsiya kawai ba zai lura ba. In kalmar da ta gitta ita ce L_AD, to LOAD da LEAD duk suna nan, kaya ko jagoranci, sai ka karanta tambayarta. Haka "Put up" a ma'anar gini: BUILD ko BUILT, inda D da T za su iya ba ka DOWN ko TOWN a tsaye. Haka "Let borrow": LEND ko LENT.

Kwatanta su da "Put away" a gurabe 3, ma'anar cin abinci. EAT ko ATE. Da gani kamar ya fi wuya, tunda babu abin da za ka iya rubutawa. A gaskiya ya fi sauƙi, domin sigogin biyu sun bambanta a duka guraben uku, harafi ɗaya daga ko'ina ya raba gardama. Haɗarin yana ƙaruwa ne gwargwadon kamannin sigogin. Waɗanda suka bambanta a gurbi ɗaya tak, shaidarsu ɗaya ce a duk faɗin wasan, kuma in ka bar zato ya zauna a gurbin, ka toshe bakin shaidar.

Na siffa ba su da wuya. Tambayar da ta fara da "More" tana neman ER, wadda ta fara da "Most" tana neman EST. Nan ma ana samun masu kauce wa ƙa'ida irin WORSE da LEAST, amma ba su da yawa.

Rubutun Landan da na Amurka

Mu da muka koyi Ingilishi a makarantun Nijeriya ko Ghana, hannunmu ya saba da rubutun Birtaniya, alhali yawancin wasannin da ke waya na Amurka ne. GREY da GRAY, CENTRE da CENTER, METRE da METER, TYRE da TIRE, tsawonsu ɗaya. Kafin ka fara, ka san daga ina wasan ya fito. In ka rubuta CENTRE a wasan Amurka, kalmomi biyu na tsaye za su lalace a jere, kuma alamar ke nan: kurakurai biyu maƙwabta a ƙarshen kalma ɗaya, R da E sun yi musanyar wuri.

Kalmomin da suka shiga Ingilishi daga Larabci su ma suna da rubutu fiye da ɗaya, kuma a nan sanin kalmar ba ya cetonka. Sarkin da muka sani EMIR yakan fito AMIR. Aikin hajji yakan fito HAJJ ko HADJ, gurabe 4 duka. Wani lokaci akan sa alamar "Var." a ƙarshen tambaya don a nuna rubutun ba shi ne wanda aka fi sani ba. Ni dai in na ga sarki a gurabe 4, MIR nake rubutawa in bar na farko. In na ga hajji, HA da J na ƙarshe, in bar na uku.

Idan babu harafin da ya gitta fa?

Duk bayanin da ya gabata ya dogara ne da tsarin Amurka, mai gurabe 15 a kwance 15 a tsaye a ranakun mako, inda doka ta ce kowane farin gurbi sai ya kasance cikin kalmomi biyu. Tsarin Birtaniya daban yake. Baƙaƙen gurabe sun fi yawa, kusan rabin haruffan kowace kalma ne kawai ake gittawa. Kalma mai gurabe 5 tana iya samun shaida a na biyu da na huɗu kaɗai. Ke nan NOVA da wutsiyarta za su iya zuwa ba mai raba gardama.

A wasan Birtaniya mai zaurance, maganin yana cikin tambayar kanta. Kowace tambaya kashi biyu ce: ma'ana a gefe ɗaya, da wasan haruffa da ke gina amsar harafi bayan harafi a ɗaya gefen, sannan a sa yawan haruffa a ƙarshe. Ga biyu da na ƙirƙira, irin wanda ake ɓoye amsa cikin jerin kalmomi:

```
Stars in Casanova's bedroom (5)
Stars in Casanova eventually (5)
```

A duka biyun ma'anar ita ce taurari, kalmar "in" kuma tana cewa amsar tana kwance cikin abin da ya biyo baya. A ta farko, bi haruffan daga N ta tsakiyar sunan: N, O, V, A, sai S. A ta biyu: N, O, V, A, sai E ta farkon kalma ta gaba. NOVAS a sama, NOVAE a ƙasa, babu zato ko kaɗan. A irin wannan wasa, in ba ka iya bayyana daga ina kowane harafi ya fito ba, ba ka gama da tambayar ba, ko da ma'anar ta zauna.

Wanda ba shi da magani shi ne ƙaramin wasan da ke amfani da tsarin Birtaniya amma tambayoyinsa ma'ana ce zalla, ba zaurance. In jam'i mai fuska biyu ya faɗo kan gurbin da ba a gitta ba, laifin na mai tsarawa ne. Zaɓi wanda aka fi ji a bakin mutane ka wuce, kar ka ɓata dare a kai.

In da Hausa ake yi

Wanda zai tsara ko ya buga wannan wasa da Hausa, shawarar "sa S a ƙarshe" ba ta da 'yar uwa a wurinmu. Jam'inmu ba ɗafa-ƙeya ɗaya ba ce. Gida ya zama gidaje, mota motoci, kare karnuka, doki dawakai. A irin waɗannan yawan gurabe ya gama magana. Wasu ma jam'insu biyu ne, jakuna da jakai, littattafai da littafai, nan ma tsawo ya raba.

Sai dai muna da tarin kalmomi da tilo da jam'i tsawonsu ɗaya. Yaro da yara. Baƙo da baƙi. Kwaɗo da kwaɗi. Zakara da zakaru. Wasali ɗaya ne a ƙarshe. Wasu sun canza haruffa biyu: kaza da kaji, bawa da bayi, mace da mata, makaho da makafi. A kan wannan sai jinsi ya ƙaru, abin da sunayen Ingilishi ba su cika damuwa da shi ba. "Mai koyarwa", gurabe 6, malami ne ko malama? Tambayar ba ta faɗa ba. "Masu koyarwa" ta fi sauƙi, malamai ne, gurabe 7. Kalmomin "mai" da "masu" su ne manyan alamunmu na tilo da jam'i, amma "mai" ba ta rarrabe namiji da mace.

Ga kusurwa irin ta ɗazu, da Hausa:

```
      Ƙ
Y A R _
      F
      A
```

In ka sa O, ka sami yaro da ƙofa. In ka sa A, ka sami yara da ƙafa. Dukansu kalmomi ne da ɗan shekara biyar ya sani. Mai tsarawa nagari zai sa aƙalla tambaya ɗaya ta rufe ƙofar shakka. Karin magana tana yin wannan aiki da kyau, domin sigarta a daskare take: "___ man kaza" yaro ne, ba wanda zai ce yara. "___ manyan gobe" yara ne. Ko kuma a bar ta kwance a buɗe, a ɗaure ta tsaye: "Ta Mata ko ta Nasarawa, a Kano" ƙofa ce, "ko" ɗin nan kuma ta nuna tilo ake so, ba ƙofofi ba.

Yanzu a ce tambayar tsaye ita ce "Mota na da huɗu". Bature zai ce ga adadi, lallai jam'i ne. Bahaushe ya san ba haka ba ne, domin mu muna ƙirga da tilo: shekara goma, kwana uku, ƙafa huɗu. Adadi a cikin tambayar Hausa ba ya tilasta jam'i. Sannan ƙaramar mota tana da ƙofa huɗu, tana da ƙafa huɗu. In ta kwance ita ma ba ta ɗaure ba, gurbin ya zama mai amsa biyu. Yawanci wannan aibi ne. Amma an taɓa yin sa da gangan ya zama abin tarihi. Ranar zaɓen shugaban Amurka, 5 ga Nuwamba, 1996, New York Times ta buga wasan da Jeremiah Farrell ya tsara, inda gurabe bakwai suke karɓar CLINTON kuma suke karɓar BOBDOLE, sunayen manyan 'yan takarar biyu, kowace tambayar tsaye ta dace da haruffan biyu. Ta farko tana neman baƙar dabba ta bikin Halowin, sai ta zama CAT ko BAT, kyanwa ko jemage.

Aikatau ɗinmu ya fi kowa fitina. Ɗauki SAY da gurbi ɗaya a gaba. Saya, sayi, saye, sayo, sayu: duk wasulan biyar suna shiga, kowanne da aikinsa. "Abin da ya saya", "ya sayi doki", "ya saye shi", "ya sayo goro daga kudu", "kayan ya sayu". Tambayar da ta ce kawai "ba da kuɗi a karɓi kaya" ba ta yi wa mai wasa adalci ba sai in kalmar da ta gitta tana da ƙarfi. Ko cike gurbin jimla ba ya wadatarwa kullum: "Ya ___ doki" ta karɓi sayi, ta karɓi sayo, ta karɓi saye in ana nufin ya saye shi ɗungurungum. Sai an ƙara abin da ke jawo siga ɗaya, kamar a ce "ya je kasuwa ya ___ mana", wadda sayo ta fi zama a cikinta saboda aikin ya nufo wajen mai magana, ko da yake wani zai ce saya ma ta shiga. Ka ga ko a nan sai an nemi taimakon ta tsaye.

Kuma da yake kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, gurbin ƙarshe a Hausa kusan kullum zaɓi ne tsakanin haruffa biyar, kalmar da ta gitta kuma sau da yawa tana karɓar fiye da ɗaya: ƙofa da ƙafa, gara da gora, tafi da tofi. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka BAƘI a gurabe huɗu tana iya zama launi, tilo kuma namiji, ko jam'in baƙo. MATA tana iya zama matar mutum ɗaya ko taron mata. Mai tsarawa da ya ƙware zai iya wasa da wannan kamar yadda Bature ke wasa da "Leaves". Abu biyu ne kawai ya kamata ya sanar tun a saman shafi: ko ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b gurbinsu daban ne, da kuma ko sh da ts gurbi ɗaya suke ci ko biyu. In ba a faɗa ba, tsoho tana iya zama gurabe 5 ko 4, alƙalin farko na ƙirgen gurabe ya tashi aiki tun kafin a fara.

In wayar ta ce akwai kuskure

Kar ka fara daga tambaya ta ɗaya ka bi su a jere, ido zai sake amincewa da abin da ya amince da shi ɗazu. Fara da kalmomin da suka cika da kansu, waɗanda ba ka taɓa karanta tambayarsu ba. Karanta tambayar da farko, ka faɗi amsar a ranka, sannan ka duba abin da ke rubuce. Daga nan ka bi duk S da ke ƙarshen kalma, ka duba wadda ta gitta ta. Sai tambayoyin da suka fara da put, set, cast, let da 'yan uwansu, ka gwada ɗaya lokacin. A ƙarshe ka duba wasulan kalmomin aro da na rubutu biyu, A da E na sarki, E da A na launin toka. A kusurwar da muka gani a sama, matakin farko kaɗai ya isa: ka karanta "Run off to wed", ka ga gangara a rubuce, ka goge S ka sa E.